Jimilla Ta Yi Daidai, Amma An Duba Shafin Kowa?

 Yau magana ce a kan littafin kuɗi na ƙungiyar gama kai, babban littafin nan da ake kira leja, inda kowane mamba yake da shafinsa, ana rubuta abin da ya zuba, da abin da ya cira, da rabonsa na riba, da ragowar da take hannun ƙungiya, wato balas. A yawancin tarukan ƙarshen shekara, abin da ake kira bincike bai wuce abu guda ba. Sakataren kuɗi ya miƙe ya karanta jimillar da ke cikin littafi, ma'aji ya ɗaga takardar banki, a ga adadin ya zo ɗaya, sai a yi tafi a shiga rabo. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, daidaituwar jimilla ba ta tabbatar da cewa an rubuta wa kowa haƙƙinsa. Littafi yana iya daidaita da banki har zuwa kwabo, alhali an tauye wa wata baiwar Allah kuɗinta, an ƙara wa wani abin da ba nasa ba. Binciken gaskiya yana farawa ne daga takardar da ke hannun mamba, ya bi shafinsa layi bayan layi, kuma dole ne a gama shi kafin a raba riba, domin rabon a kan waɗannan lambobin yake tsayawa.

Mu fara da yadda balas yake samuwa, domin nan ne tushen matsalar. A kowane shafi akwai gurbin kwanan wata, da na lambar rasit, da na kuɗin da ya shiga, da na wanda ya fita, sannan na ƙarshe shi ne balas. Mai rubutu ba ya komawa farkon shekara ya sake tarawa duk wata. Yana ɗaukar balas ɗin layin sama ne kawai, ya ƙara abin da aka zuba, ya debe abin da aka cira, ya rubuta sabo. Wato kowane balas gado ne daga wanda ya gabace shi. Kamar jerin bulo ne, in sahu na uku ya karkace, duk abin da aka ɗora a kansa zai bi karkatar, ko da magini ya yi sauran aikin da kyau. Saboda haka idan an yi kuskure a watan Yuni, layin Yuli zai yi daidai da na Yuni, na Agusta zai yi daidai da na Yuli, wanda ya duba layukan ƙarshe kaɗai ba zai ga komai ba. Wannan ne dalilin da ya sa mai bincike ba ya yarda da gurbin balas. Yana rufe shi da takarda, ya ɗauki balas ɗin da aka shigo da shi daga bara, ya tabbatar shi ne wanda aka rufe littafin bara da shi, ya tara zubin shekara gaba ɗaya daga rasit, ya debe abin da aka cira, sannan ya buɗe ya ga ko amsarsa ta zo ɗaya da abin da ke rubuce.

Bari mu ɗauki misali, kuma sunayen da zan ambata na misali ne kawai. A ce ƙungiya ce mai mambobi 40, a cikinsu akwai Malama Ladidi. Ta shigo shekara da naira 60,000, tana zuba naira 5,000 kowane wata, ba ta ciri komai ba. Zubin wata 12 ya kama 60,000, a haɗa da na baya, ya kamata a ƙarshen Disamba ta kasance da 120,000. Katin zubinta haka ya nuna, amma leja ta ce 115,500. Giɓin 4,500 ke nan. Kafin a fara kallon juna, akwai wata dabara da masu lissafi suka daɗe suna amfani da ita, a raba giɓin gida 9. In ya rabu ba saura, to da wuya in ba ɗayan kurakurai biyu aka yi ba, ko dai sifili ya faɗi, ko an juya lambobi biyu. A nan 4,500 gida 9 ya ba da 500 cif. Sai a bi shafin ana neman 500, a tarar a watan Yuni an rubuta 500 a maimakon 5,000. Da a ce wani ya zuba 7,200 aka rubuta 2,700, shi ma giɓin 4,500 zai bayar. Haka kuma in giɓin ya ninka wani adadi da aka sani, a duba ko an saka shi a gurbin da ba nasa ba. Mamba ya ciri 10,000, aka tara masa a maimakon a debe, shafinsa zai haura da 20,000. Waɗannan dabaru suna nuna inda za a leƙa ne kawai. Abin da yake yanke hukunci shi ne kwafin rasit da ke hannun ƙungiya da katin da ke hannun mai kuɗi.

Irin kuskuren da aka yi wa Malama Ladidi, in a leja kaɗai yake, tara jimilla zai iya tona shi, domin kuɗin da ke banki zai fi abin da shafuka suka nuna. Don haka ba cewa nake a yi watsi da jimilla ba, sai dai a yi ta yadda ya dace. Kwatanta ajiyar mambobi da kuɗin banki kaɗai bai isa ba, tunda yawancin kuɗin yana hannun waɗanda aka ba rance. Gefe biyu ake jerawa. Gefen farko shi ne abin da ake bin ƙungiya, a misalinmu ajiyar mambobi 2,400,000, da asusun ko-ta-kwana 150,000, da rarar bana 240,000, jimilla 2,790,000. Gefe na biyu shi ne inda kuɗin yake, banki 1,040,000, tsabar kuɗi a hannun ma'aji 50,000, rancen da ba a gama biya ba 1,700,000, shi ma 2,790,000. Tsabar kuɗin nan a ƙirga ta a gaban mutane, kar a wadatu da jin adadinta. Takardar bankin kuma ta kasance wadda bankin ya buga da hatiminsa, wani daban ya karɓo ta, ban da hoton allon waya da kowa zai iya gyarawa. Ƙananan kuɗaɗen da banki ke cirewa, na saƙon alat da na kula da asusu, su ne sukan haifar da ɗan giɓin da ke tayar da ƙura a banza, don haka a shigar da su littafin kashe kuɗi kowane wata.

To yanzu ga inda jimilla take makancewa. A ce ƙungiyar nan tana da Musa Ibrahim guda biyu, abin da ba baƙo ba ne a unguwanninmu, ɗaya tela ɗaya direba. A watan Maris telan ya kawo 5,000, mai rubutu ya buɗe shafin direba ya saka. Kuɗi ya shiga banki, an rubuta shi a leja, gefe biyu sun daidaita, amma tela ya yi asarar 5,000, direba ya samu abin da bai zuba ba. Babu yadda tara jimilla za ta nuna wannan, ko sau goma aka maimaita. Haka nan in an rage wa wani 2,000 bisa kuskure, aka ƙara wa wani 2,000 a wani shafin, kurakuran biyu sun rufa wa juna asiri. Mafi muni shi ne kuɗin da aka karɓa a hanya, ko a ƙofar masallaci, ko a gidan biki, ba a yanka rasit ba, bai shiga littafin karɓar kuɗi ba, bai shiga leja ba, bai je banki ba. Littattafan ƙungiya duka za su yarda da juna, domin babu wanda ya san da kuɗin a cikinsu. Shaidar da ta rage ita ce katin mamba, in an sa masa hannu. Wannan ne ya sa na ce bincike daga hannun mamba yake farawa. Wanda ya kwatanta littafin sakatare da wani littafin sakataren, ya tambayi mutum ɗaya ne sau biyu.

Akwai kuma wata ɓarna da adadi ba ya nuna ta, sai kwanan wata. Mai karɓar kuɗi ya taɓa zubin Musa tela na farkon wata don wata buƙata tasa, da niyyar zai mayar. Da Malama Ladidi ta kawo nata bayan mako biyu, sai ya cike gurbin telan da shi. Na Ladidi kuma ya jira na wani. A ƙarshen shekara kusan kowa an rubuta masa kuɗinsa, sai dai ramin yana nan yana tafiya daga shafi zuwa shafi, kuma yawanci girma yake yi. Alamarsa ita ce tazara tsakanin ranar da ke kan rasit da ranar da kuɗin ya sauka a banki. In rasit ya ce 3 ga wata, banki ya ce 19 ga wata, kuma haka abin yake maimaituwa, tazarar tana ƙara tsawo, to akwai tambaya. Don haka mai bincike yana duba lambobin rasit ma, ya ga suna bin juna ba tsallake, wanda aka soke kuma asalinsa da kwafinsa suna nan manne a cikin kundin. Yawaitar tura kuɗi ta waya ta rage wannan matsala, amma fa in asusun ƙungiya ake turawa. Inda mambobi ke turawa asusun ma'aji na kansa, shi kuma ya juya daga baya, ƙofar tana nan a buɗe.

Mu zo kan rabo, wanda shi ne abin da ya fi jan hankalin jama'a ranar taro. Kafin a tambayi nawa kowa zai samu, a fara tambayar ko rarar da aka ce an samu tana hannu. Idan an ba wani rancen da ake sa ran zai kawo ribar 30,000, bai biya ba wata shida, aka lissafa 30,000 ɗin a cikin rara aka raba, to daga uwar kuɗin mambobi aka biya rabon, kowa ya tafi gida yana murna da kuɗinsa na kansa. A lissafa abin da ya shigo kawai, a debe kuɗin da aka kashe. Bayan haka sai asusun ko-ta-kwana. Najeriya ta samu dokar ƙungiyoyin gama kai ta farko a 1935, wadda ake aiki da ita yanzu a matakin tarayya kuma ta 1993 ce, jihohi ma suna da nasu. Ƙa'idar da aka saba da ita a wannan tsari ita ce a ware kashi ɗaya cikin huɗu na rara a ajiye kafin a raba saura, kuma kowace ƙungiya mai rajista ta duba abin da kundin dokokinta ya ce a kan haka. A misalinmu, rubu'in 240,000 shi ne 60,000, abin rabawa ya zama 180,000.

Hanyar da ta fi sauƙi, kuma ƙungiyoyi da yawa ita suke bi, ita ce a raba bisa balas ɗin ƙarshen shekara. An raba 180,000 a kan 2,400,000, kowace naira 1,000 ta samu naira 75. Malama Ladidi mai 120,000 ta samu 9,000. Amma mu dubi wasu mutum biyu da su ma suka rufe shekara da 120,000. Malam Audu kuɗinsa yana ciki tun Janairu, bai ƙara ba bai rage ba. Alhaji Sani kuwa bai da ko sisi a ciki sai a watan Disamba, da ya ji rabo ya kusa, ya kawo 120,000 a dunƙule. Ta wannan hanya su ukun kowa 9,000 zai karɓa. Alhali kuɗin Malam Audu ne aka yi ta juyawa wata 12 ana ba da rance, na Alhaji Sani ko fita daga banki bai yi ba. Ribar nan kuɗi ne da lokaci suka haife ta tare, rabon da ya ƙirga kuɗi ya manta da lokaci ya ɗauki guminsu Audu ya ba Sani. Tun masu kafa ƙungiyar Rochdale a Ingila a 1844, waɗanda ake ɗauka a matsayin tushen gama kai na zamani, ba su raba rara ido rufe ba, sun auna ta ne da yawan cinikin da kowane mamba ya yi da shagonsu. A ƙungiyar ajiya da rance, abin da ya yi daidai da wannan shi ne nawa ka ajiye, kuma wata nawa ya yi a ciki.

Yadda ake yi ba wuya. A shafin kowane mamba, a tara balas ɗinsa na ƙarshen kowane wata, guda 12. Na Malam Audu 120,000 sau 12, ya ba da 1,440,000. Na Malama Ladidi ya fara daga 65,000 a Janairu, yana hawa da dubu biyar biyar har 120,000 a Disamba, in an tara ya ba da 1,110,000. Na Alhaji Sani wata ɗaya ne tak, 120,000. Waɗannan adadi ba kuɗi ba ne da wani zai karɓa, ma'auni ne kawai. Sai a tara na mambobi 40 duka, a ce ya kama miliyan 24. A raba 180,000 a kan miliyan 24, kowace 1,000 ta ma'aunin ta samu naira 7 da kwabo 50. Malam Audu zai tashi da 10,800, Malama Ladidi 8,325, Alhaji Sani 900. Ku lura, Ladidi ma ta ragu daga 9,000, kuma daidai ne, domin rabin kuɗinta a hankali ya shigo. Bayan an gama, a tara rabon mutum 40 ɗin, dole ya koma 180,000, sai dai 'yan nairorin da cike kwabbai ya kawo. In ya haura da dubbai, an ƙirga wani sau biyu ko an yi kuskure a ma'auni. Kundin doka kuma ya fayyace ranar da ake rufe lissafin wata, ko ya ce balas mafi ƙanƙanta na watan za a ɗauka, don kar wani ya riƙa sakawa ranar 30 yana cirewa ranar 2.

A nan ne za a ga dalilin da ya sa bincike yake gaban rabo. Sifilin da ya faɗi wa Malama Ladidi a Yuni ya rage mata 4,500 a wata bakwai, Yuni zuwa Disamba, wato 31,500 a ma'auni, wanda ya kama kimanin naira 236 a rabo. Telan da aka kai kuɗinsa shafin direba tun Maris ya rasa naira 375, direba ya samu. Wani zai ce ai wannan bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne a shekara ɗaya, amma uwar kuɗin da ta ɓace tana nan a ɓace, za a shiga sabuwar shekara da balas mara daidai, a sake yin rabo a kansa, kuma in ana zuba ribar a cikin ajiya, kuskuren ma yana samun tasa ribar. Sannan kuɗin da aka riga aka raba, aka sayi hatsi ko aka biya kuɗin makaranta da shi, karɓo shi daga hannun mutum 40 ba ƙaramin aiki ba ne. Gyaran da zai ɗauki minti biyar a watan Yuli, bayan shekara uku sai an tono kundin rasit uku, wataƙila ma mai rubutun ya bar gari.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Na farko zai ce, ma'ajinmu dattijo ne, limamin unguwa ne ma ya kawo shi, a ce za a bi littafinsa layi layi ai cin fuska ne. Amsa ita ce, duk kurakuran da na lissafa, in ban da na mai taɓa zubi, mutumin kirki ne yake yin su, da dare, a gajiye, da hasken tocila. Gaskiyar mutum ba ta hana sifili faɗuwa. Kuma wanda bincike ya fi yi wa amfani shi ne ma'ajin kansa, domin ranar da giɓi ya bayyana bayan shekaru ba a duba ba, ba wanda zai ce kuskure ne, sunansa za a kira. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma muminai aka yi wa umarnin a tsakaninsu, mutanen da suka yarda da juna. Abin da zai cire ɗacin shi ne a mayar da binciken ƙa'ida tun kafin a zaɓi kowa, a san cewa duk wanda ya riƙe littafi, mutum biyu da ba sa karɓar kuɗi kuma ba sa rubutu za su duba shi kowane wata. Abin da ake yi wa kowa ba ya zama zargi ga mutum ɗaya.

Na biyu zai ce, ai jami'an gama kai na gwamnati suna zuwa binciken shekara, kuma mutane ne masu horo, akwai kwalejojin tarayya na wannan fanni a Kaduna da Ibadan da Oji River. Haka ne, binciken shekara wajibi ne ga ƙungiya mai rajista, kuma bai kamata a raba riba kafin a yi shi ba. Sai dai jami'in da ya zo littattafan da aka ajiye masa a tebur yake gani. Bai san Musa tela da Musa direba ba, bai san an karɓi kuɗi a gidan biki ba. In ba a tara masa katunan mambobi ba, zai iya sa hannu da zuciya ɗaya a kan littafin da ya daidaita da kansa amma ya saɓa da abin da ke aljihun mutane. Haka amsar take ga wanda zai ce su yanzu a kwamfuta suke lissafi. Na'ura ba ta kuskuren tarawa, wannan an yarda, amma abin da aka ba ta take tarawa. In an buga 500 a maimakon 5,000 za ta karɓa, in an zaɓi sunan da ba shi ba za ta karɓa. Sau da yawa ma akan ƙara sabon mamba a ƙasan jadawali, umarnin tarawa kuma ya tsaya a layin da aka saba, sabon bai shiga jimilla ba. Ga shi kuma lambar da aka sauya a na'ura ba ta barin tabon da biro ke bari a takarda, don haka a riƙa buga shafin kowane wata, a sa hannu, a ajiye.

Na uku ya fi nauyi. Zai ce, mu fa kuɗin ruwa haramun ne a wurinmu, me ya haɗa mu da wannan lissafi? Lalle ƙungiyoyi da yawa a Arewa ba sa ɗora ruwa a kan rance. Suna sayen kaya ne, shinkafa ko taki ko babur ko keken ɗinki, su sayar wa mamba da ribar da aka yi yarjejeniya a kanta, ya biya kaɗan kaɗan. Hukuncin hanyar samun kuɗin na malamai ne, kuma kowace ƙungiya ta nemi fatawa a kan tsarinta. Amma ko ta wace hanya ribar ta zo, sai an raba ta, kuma tambayar wane ne jarinsa ya yi aiki, na tsawon wane lokaci, tana nan daram. Wanda ya guje wa kuɗin ruwa don tsoron cin haƙƙin wani, shi ya fi cancanta ya damu da kar a ba shi rabon Malam Audu. Abin da zan yarda da shi kawai shi ne, in kundin dokar ƙungiya ya ce a raba bisa balas ɗin ƙarshen shekara, mai bincike ba shi da ikon sauya hanya a ranar rabo don ya ga wata ta fi adalci. Ya duba ko an bi abin da aka rubuta, sannan ya kawo lissafin hanyoyin biyu gaban babban taro, da misalin mutum uku irin waɗanda muka ji, a sauya dokar don shekara mai zuwa in jama'a sun amince.

Saura masu cewa aikin ya yi yawa, kuma rabin mambobi ba sa karatu. In an bari sai Disamba, lambobi 480 ne za a bi a ƙungiya mai mutum 40, kuma da gaske akwai gajiya. In kowane wata ake yi, layi 40 ne, ba zai ci sa'a ɗaya ba a ƙarshen taro. Mutum ɗaya ya riƙe leja, wani ya riƙe katin mamba, wanda ke riƙe da katin shi zai fara karantawa, don kar kunne ya bi abin da leja ta faɗa. Wadda ba ta karatu ba ta manta abin da ta zuba, a faɗa mata da baki, kin shigo da kaza, kin kawo kaza yau, ya zama kaza, ta amsa ko ta musa nan take, ta sa hannu ko ta dangwala. Wanda ba ya son a ji adadin kuɗinsa a bainar jama'a, a kira shi gefe. Kowane mamba a ba shi lamba tasa, a rubuta ta a kan kati da rasit da shafi, sunaye iri ɗaya su daina ruɗa mai rubutu. In an gano kuskure kuma, kar a kankare, kar a shafa farin ruwan gyara, kar a yage shafi. Idan a ranar aka gani, a ja layi ɗaya siriri yadda tsohuwar lambar za ta karantu, a rubuta sabuwa a sama, mutum biyu su sa hannu. Idan watanni sun wuce, kamar na Malama Ladidi, a bar tsofaffin layuka yadda suke, a buɗe sabon layi da kwanan watan yau, a rubuta cewa gyara ne na zubin Yuni, rasit mai lamba kaza, an ƙara 4,500, sannan a tuna a mayar mata da watannin da ta rasa a cikin ma'auni lokacin rabo, a kuma shigar da gyaran cikin rahoton taron wannan wata.